Ɓauren da ke Cikin Takardar Ɗagawa

Usta Mitwalli, wato gwani Mitwalli, ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar ƙugiya mai ɗaga kaya, bai taɓa roƙon injiniya alfarma ba sai a aikinsa na ƙarshe. Alfarmar ma ba ta kansa ba ce, ta wata bishiyar ɓaure ce.

Kamfanin da yake wa aiki ya samu kwangilar sabunta gadar Kafar Nigim, ƙauyen da aka haife shi. Gada ce ƙarama a kan magudanar ruwan noma. Bim huɗu, wato dogayen ginshiƙan kankare da ake giciyewa a kan gada, za a ɗora, waɗanda aka zubo a masana'anta aka kawo a tirela, kowanne tsawon mita goma sha biyu. A wurin mutumin da ya ɗora gadojin sama a Alƙahira, wannan ba aikin da zai hana shi shan shayi ba ne. Amma shi ya je ofis da ƙafarsa ya ce a ba shi, domin a ƙarshen watan zai ajiye aiki, kuma yana so ya gama a inda ya fara ganin duniya.

Da ya zo ya tarar ƙauyen ya zama wani wuri. Gidajen ƙasa sun koma benaye na jan bulo da ƙarafa a tsaye a samansu, gonar mahaifinsa ta zama titi da shagon gyaran waya. Abu ɗaya ya gane da kallon farko, ɓauren da ke bakin magudana. A gindinsa mahaifinsa, Abdul'ati, yake shimfiɗa buhu ya ci abincin rana. A kansa Mitwalli ya koyi tsaga 'ya'yan ɓaure da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, domin namu ɓauren ba ya nuna da kyau sai an yi masa rauni. Har yau akwai tabon wuƙar a babban yatsansa.

Takardar ɗagawa ta farko kuwa, wato tsarin inda motar za ta tsaya ta ɗaga kaya, ta sa an zana wa ɓauren nan jan gicciye. A sare.

Injiniyar aikin, Nermin, ba ta kai shekara talatin ba, kuma ba ta wasa da takarda. Mu mutanen gini mun saba da injiniyoyin da ke rubuta tsarin ɗagawa a ofis mai sanyi, su turo a sa hannu, ba su ma san launin ƙasar wurin ba. Ita ba haka take ba. Ta saurari tsohon har ya gama kame-kamensa, domin bai iya roƙo ba, sannan ta ce ya ba ta kwana biyu.

Da ta dawo, a kan bonet ɗin motarta ta shimfiɗa sabuwar takardar, ta danne gefenta da kofin shayi. Ammu take kiransa, wato baffa.

"Ammu Mitwalli, duba nan. Na matsar da kai kudu mita biyar. Bim tan goma sha tara. Bakin ƙugiya tan ɗaya da ɗigo biyu, sandar raba nauyi da igiyoyin waya tan ɗaya da ɗigo takwas. Duka ashirin da biyu. Daga cibiyar motarka zuwa tsakiyar bim mafi nisa, mita goma sha huɗu. Me jadawalin nauyin motarka ya ce za ta ɗauka a nan?"

"Ashirin da takwas," in ji shi, ba tare da ya duba ba.

"To ka ga kashi saba'in da tara cikin ɗari ke nan, mu kuwa iyakarmu tamanin da biyar. Ƙafar tokare motar da za ta fi shan nauyi za ta ɗauki tan sittin da shida. A kan farantin ƙarfe mai mita biyu da uku, kowace mita murabba'i tana ɗaukar sha ɗaya. An gwada ƙasar a wuri biyu, tana ɗaukar sha biyar. Rassa biyu kawai za mu rage wa bishiyarka."

Rayyis Milad, shugaban masu ɗaure kaya, yana tsaye yana leƙe. Shekara ashirin da shida suna aiki tare, shi a ƙasa yana ba da alama da hannu, Mitwalli a sama yana bi. Ba su taɓa wuni ba su tsokani juna ba.

"Bashmuhandisa, kin ɓata wannan tsohon," in ji Milad, da laƙabin da ake kiran babbar injiniya. "Gobe zai ce ki kauce wa inda kazarsu ta taɓa yin ƙwai."

"Kai dai da ka girma a bene hawa na shida, me ka sani game da inuwa?" in ji Mitwalli.

Ya sa hannu a takardar. A ranar ya sayo wa ma'aikata duka burodi da wake da soyayyen gauta, abin da Milad ya rantse bai taɓa gani ba tun da ya san shi.

Ranar Laraba aka sa za a ɗaga. Lokaci kuwa a ƙure yake. Watan Janairu ne, lokacin da ake rufe ruwan magudanai don a yashe su, kuma saura kwana shida a sake shi. Tunda an rushe tsohuwar gada, mutane ta kan wani tudun ƙasa da aka zuba a cikin magudanar suke wucewa. Kafin ruwa ya dawo dole a kwashe tudun. In bim bai hau ba, 'yan makaranta da masu kai madara sai sun yi zagayen kilomita bakwai.

Ranar Talata da sassafe Mitwalli ya riga kowa zuwa. An yi ɗan yayyafi kafin asuba, ƙasa ta yi duhu. Ya zauna a kan saiwar ɓauren da kofin shayinsa, ya jingina bayansa inda ya saba jingina shi shekara hamsin da suka wuce. Gabansa ga alamomi huɗu na farin fenti, inda ƙafafun motar za su sauka.

Tunani ya ɗauke shi. Ya tuna ƙarar sakiyarsu, wato keken ɗiban ruwa na katako da saniya ke juyawa, tuluna na nutsewa cikin rijiya suna fitowa cike suna juyewa a kwata. Kukan katakon nan ana jin sa har cikin gida. Saniyar a rufe take da ƙyalle a ido don kada jiri ya kwashe ta, kuma tana da wayo, da ta ji shiru sai ta tsaya. Mahaifinsa daga nan gindin ɓaure, ko ido bai buɗe ba, zai ce, "Mitwalli, 'yar gidanka ta yi barci." Shi kuma ya tashi da tsumagiya yana ƙirga takunsa daga ɓauren zuwa rijiyar don haushi. Taku goma sha tara. Kullum goma sha tara.

Ya yi murmushi, ya ajiye kofin, ya miƙe don ya ga ko nawa za su zama da ƙafar tsoho. Ya ba ɓauren baya, ya fuskanci hasumiyar masallaci kamar yadda yake yi a da, ya rage takunsa ya zama na yaro, ya soma ƙirgawa.

A na goma sha tara ya duba ƙasa. Takalminsa yana kan farin fenti.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja da baya ya ƙare wa wurin kallo, sai ya ga abin da ba zai gani ba da ba a yi yayyafi ba. Ko'ina ya fara shan iska, amma nan damshin ya kwanta a zagaye, faɗinsa ya kai mita huɗu, tsakiyarsa ya ɗan lotsa kaɗan. Alamar ƙafar baya ta kudu tana tsakiyar zagayen.

Ya san abin da ke ƙasa, domin da hannunsa aka zuba shi. Shekarar da injin ban ruwa ya shigo ƙauyen, yana ɗan shekara goma sha huɗu, suka cike rijiyar. Ba da tsakuwa ba, wa ke da tsakuwa? Karan auduga suka zuba, da fasassun tuluna, da tokar murhu, da ɓaraguzan wani ɗaki da ya faɗi, da keken katakon kansa bayan sun farfasa shi. Zurfin mita shida. Daga baya aka yi titi a kai, motoci suka daddanne saman ya yi tauri. Saman zai ɗauki keken jaki, zai ɗauki motar yashi mai wucewa. Tan sittin da shida a wuri ɗaya kuwa, na tsawon wuni, wani abu ne daban. Ramukan gwajin Nermin biyu suna nan yana ganinsu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowanne ya kuskure bakin rijiyar da 'yan taku. Ba laifinta ba ne. Babu taswirar da ta san da rijiyar Abdul'ati.

Gaskiya ita ce, bai tafi ya faɗa nan take ba. Ya koma gindin ɓauren ya zauna, shayin ya huce a hannunsa. Tsofaffin da suka san rijiyar duk sun rasu, ban da shi. Zuciyarsa ta riƙa kawo masa dalilai masu daɗi. Shekara kusan hamsin, ai ta zauna. Farantin yana da faɗi. Bim huɗu ne kacal, kafin la'asar an gama. Kuma ya san jadawalinsa da ka, ya san inda maganar za ta ƙare in ya buɗe baki. Bai taɓa jin haushin sanin aikinsa ba sai ranar.

Yana nan zaune Milad ya iso, da jakar abincinsa a hammata, yana ɗingisa ƙafar da igiyar waya ta taɓa murɗewa. Ya wuce kai tsaye zuwa bakin gada, ya tsaya a kan ginshiƙin da bim zai sauka, yana duba matasan roba da aka jera don bim ya zauna a kansu. A nan zai tsaya gobe, da mutum huɗu a bayansa riƙe da igiyoyin jan kaya. Mitwalli ya taɓa ganin ƙafar ƙugiya ta nutse, sau ɗaya, yana saurayi. Ba ta yin gargaɗi. Motar ta ɗan sunkuya, dogon hannunta ya yi gaba, tazarar ta ƙaru, nauyin da take iya ɗauka ya ragu, duk a cikin numfashi biyu.

"Lafiya, Usta?" Milad ya ɗaga murya daga can. "Ka yi zuru kamar wanda aka ce gobe zai koma gida wurin Hajiya ya zauna har abada."

"Kawo mini rodi da guduma," in ji Mitwalli.

Nermin ta iso ta same su suna buga rodi a tsakiyar alamar fentinta. Mita ɗaya da rabi na farko da ƙyar yake shiga, Milad yana gumi yana mita. Daga nan sai guduma ɗaya ta tura shi kamu biyu. Milad ya ajiye gudumar, ya dafa rodin da tafin hannu kawai, ya ci gaba da nutsewa.

Nermin ta sa aka kawo motar haƙa. A cokali na biyar baƙar laka mai wari ta fito, da ruɓaɓɓen katako, da rabin tulu mai igiyar kaba a wuyansa. Mitwalli ya sunkuya ya ɗauki tulun, ya share shi da hannun rigarsa.

"Tun yaushe ka sani, Ammu?" ta tambaye shi a hankali.

"Tun ina shekara goma sha huɗu. Amma yau da safe na tuna." Ya juya tulun a hannunsa. "Kuma na yi kusan awa ɗaya ina shawarar ko in manta."

Nermin ta dube shi. Ta ɗauko takardar ta shimfiɗa, fuskarta ta yi ja, domin sa hannunta ne a ƙasa. Ta fara neman mafita da gaske, shi kuma yana tsaye yana rufe mata ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ko da yake kowace ƙofa shi za ta yi wa amfani.

"In ka ja baya ka bar rijiyar a gabanka?"

"Tazara ta zama sha bakwai. A nan tan ashirin da ɗaya nake ɗauka, kayanki ashirin da biyu ne."

"In ka matso gaba?"

"Ƙafata ta hau gaɓar magudana. Zurfinta mita uku, ƙasar kuma laka ce. Ke kika rubuta kada in kusance ta ƙasa da mita huɗu."

"Kudu?"

Ya nuna mata wayoyin lantarki da baki. Babbar ƙugiya kuwa sai bayan mako biyu, kuma ko ta zo ba za ta iya shan kwanar kasuwar ƙauyen ba. Yashe rijiyar a cike ta da kankare, ga ruwan ƙasa yana tsattsafowa, ba aikin kwana shida ba ne.

"Saura arewa," in ji Mitwalli. "Inda kika sa ni tun farko. Tazara sha uku, ina ɗaukar talatin. Takardarki ta farko daidai take, Bashmuhandisa. Ni na karkatar da ke."

"Ammu, bishiyar za ta faɗo a tsakiyar motar."

"Na sani. Izinin sarewa yana nan, ko kin mayar?"

"Yana nan."

"To a kira masu zarto."

Milad ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya rufe. Ya tafi ya sa wa ramin shinge.

Kafin masu zarto su fara, Mitwalli ya ce su dakata. Ya cire takalmi, mutum mai shekara sittin da ɗaya da tumbi, ya hau ɓauren ta inda ƙafarsa ta sani. Ma'aikata suka juya baya suna danne dariya. Ya zaɓi reshe mai kaurin damtse, ya yanke shi da kansa, domin ɓauren ƙasarmu ba ya tsirowa daga iri, sai dai a dasa reshe. Wannan ma haka kakansa ya kawo shi daga wani ƙauye. Ya sauko da reshen, ya tsoma shi a bokitin ruwa, ya tafi bayan tirela ya zauna inda ba zai gani ba. Amma ya ji. Faɗuwar bishiyar ta girgiza ƙasa har ƙarƙashinsa, ya yi kuka kamar ranar da aka binne mahaifinsa, bai kuma ji kunyar Milad da ya zo ya zauna kusa da shi ba.

Kwana uku aka yi ana tumɓuke kututture, ana zuba tsakuwa hawa hawa ana dannewa. Nermin ta sa aka sake gwada ƙasar, wannan karon a ƙarƙashin kowace ƙafa, ba wuri biyu ba. Kuma ta zaga ƙauyen tana tambayar tsofaffin mata ko akwai wata rijiya ko rumbun ƙasa da suka sani.

Ranar Asabar da hantsi iska ta kwanta. Aka taru aka karanta takardar, kowa ya ji wurinsa, aka ce alama daga hannun Milad kaɗai za ta fito. Mitwalli ya hau, ya fitar da ƙafafu huɗu har ƙarshensu a kan faranti, ya daidaita motar. Aka ɗaura bim na farko. Ya ɗaga shi kamu ɗaya daga tirela ya tsaya, yana kallon ma'auni. Ashirin da biyu. Nermin ta zaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga masa hannu. Ya juya a hankali, bim ɗin yana shawagi, ya ratsa ta sararin da rassan ɓaure suke a da. Milad ya yi ƙasa da tafinsa kaɗan kaɗan, sannan ya dunƙule hannu. Bim ya zauna a kan matasansa ko ƙara bai yi ba.

Kafin la'asar huɗun sun hau. Mitwalli ya naɗe hannun motar, ya kashe inji, ya shafa sitiyarin sau ɗaya, ya sauko. Aka miƙo masa shayi. Ƙafarsa ta ɗauke shi taku uku zuwa inuwa kafin ya tuna, sai ya tsaya a rana ya sha a tsaye.

Nermin ta zo da takarda a hannu. "Wannan taka ce, Ammu. Kwafin tsarin da muka yi aiki da shi. Ɗayan zai shiga fayil ɗin gadar, duk wanda zai kawo ƙugiya nan gaba sai ya gani."

Ya sa tabarau. Ga nauyi, ga tazara, ga sa hannunsa. A sashen yanayin ƙasa an zana zagaye da jan layi, an rubuta a gefensa: Rijiyar sakiyar Abdul'ati, faɗi mita huɗu, zurfi mita shida, cike da shara. Kada a ɗora ƙafa. Bayani daga ɗansa, Usta Mitwalli.

Mahaifinsa bai iya rubutu ba, da yatsa yake dangwalawa, ko kabarinsa babu allo. Mitwalli ya karanta layin sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji.

"To reshen fa?" in ji Milad, yana riƙe da bokitin. "Ko Alƙahira za ka kai shi ka dasa a baranda?"

Mitwalli ya juya wurin Nermin. "Bashmuhandisa, in wata rana za a sake wannan gadar, ina ne ƙugiya ba za ta taɓa buƙatar tsayawa ba?"

Ta ɗauki tambayar da muhimmanci kamar kowane lissafi. Ta ja tef daga bakin gada, ta bi gaɓa zuwa arewa har mita talatin, ta kauce wa bakin ruwa, ta soka tsinke.

Milad ya haƙa ramin, yana ƙorafin bayansa. Mitwalli ya durƙusa ya kafa reshen, ya tura ƙasa da hannu, ya danne, ya juye masa ruwan bokitin.

"Shekara nawa kafin ya yi inuwa?" Milad ya tambaya.

"Ta kirki? Ashirin, talatin."

"Ka ga ba mu za mu zauna ba ke nan."

"A'a," in ji Mitwalli. Ya ɗauko rabin tulun nan ya kifa a gindin reshen don kada awaki su tone shi.